Darasi: Wiwi Ce Ta Taɓa Shi, Ko Ciwo Ne Da Ke Jikinsa?

Idan aka kawo saurayi asibiti yana surutai, yana zargin kowa, kuma an san yana shan tabar wiwi, tambayar iyaye ɗaya ce: "Wiwi ce ta jawo masa, ko ciwon taɓin hankali ne ya kama shi?" Amsar tana da nauyi, domin ita ce za ta nuna ko zai sha magani na ɗan lokaci ne ko na shekara da fiye. A ranar farko babu wanda zai iya ba da amsar da tabbaci, ko da babban likita ne. Ana gano ta ne ta hanyar bincika jiki, da jin tarihin mutum, da kuma ƙirga kwanakin da ya yi bai sha ba. Wannan darasi zai nuna muku yadda ake yin haka, da aikin da ke kan iyali.

Abin da muke nufi da taɓin hankali

Ba kowane maye ne taɓin hankali ba. Wanda ya sha wiwi yana iya yin dariya babu dalili, idanunsa su yi ja, ko tsoro ya kama shi, amma bayan 'yan sa'o'i sai ya dawo daidai. Abin da muke magana a kai shi ne wanda ya wuce kwana biyu, bayan maye ya sake shi. Mutum yana jin muryoyin da babu wanda ke ji. Yana gaskata abin da ba haka ba ne, kamar cewa an sa masa guba a abinci, kuma ko an kawo masa kowace irin hujja ba zai yarda ba. Maganarsa tana iya tarwatsewa, ya kama wannan ya saki wancan.

Waɗannan alamu suna iya fitowa daga wiwi kaɗai. Suna kuma iya fitowa daga ciwon da ke tasowa da kansa a ƙwaƙwalwa. Irin wannan ciwo kashi biyu ne aka fi gani. Na farko likitoci suna kiransa sikizofiriniya, wanda yakan shigo a hankali, ya daɗe. Na biyu shi ne ciwon hawa da sauka, inda mutum zai yi kwanaki cikin zumuɗi da rashin barci da yawan kashe kuɗi, wani lokaci kuma ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani. Wahalar ita ce duka suna son kama matasa, daga wajen shekara 16 zuwa 30, wato daidai shekarun da aka fi shan wiwi.

Misalin da za mu bi

Bari mu ɗauki misalin wani saurayi ɗan shekara 23. Yana da shekara 20 ya tafi neman kuɗi Libiya, ya sauka a garin Sabha da ke yankin Fazzan, a unguwar Mahdiya, inda ya haɗa ɗaki da wasu 'yan ƙasarsu. Aikin gini yake yi. A can ba ganye aka fi samu ba, sai hashish, wato ƙaron da ake tarawa daga tsiron wiwi a dunƙule shi, kuma yawanci ya fi ganyen da aka sani a gida ƙarfi. Ya fara da sha da dare bayan aiki. A watanni takwas na ƙarshe kuwa yana sha kullum, tun daga safe.

Sai ya daina barci. Ya ce ana sauraren wayarsa, ya ce yana jin mutane a bayan bango suna shirya yadda za su sayar da shi. Abokan ɗakinsa suka haɗa kuɗin mota, wani kawunsa ya rako shi ta Gatrun da Dirku zuwa Agadas, daga nan zuwa gida. Ranar da aka kawo shi asibiti, kawun ya ce kwana tara ke nan rabonsa da sha, domin tun da suka bar Sabha bai rabu da shi ba.

Mataki na farko: a duba jiki tukuna

Kafin a yi maganar wiwi ko ciwon ƙwaƙwalwa, dole a tabbata ba ciwon jiki ne ya gigita shi ba, domin wannan shi ne mai kashewa da sauri. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, taifot, faɗuwar sukarin jini, bugu a kai, da rashin ruwa a jiki bayan tafiyar hamada, duk suna iya sa mutum surutai. Haka kuma mai farfaɗiya bayan ya faɗi, da mashayin giya da ya daina kwatsam.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Mai taɓin hankali yawanci ya san inda yake, ya san mahaifiyarsa, ya san safe ne ko yamma, ko da maganarsa ba ta kan hanya. Wanda ciwon jiki ya ruɗa kuwa ba ya sanin wuri ko lokaci, hankalinsa yana zuwa yana tafiya, gyangyaɗi yana ɗaukarsa, kuma abin yakan tsananta da dare. Don haka malamin asibiti zai auna zafin jiki, da bugun zuciya, da hawan jini, da sukari. Zai gwada cizon sauro, ya lanƙwasa wuya ya ga ko ya sanƙare, ya duba kai ko akwai rauni, ya ba da shawarar gwajin ƙanjamau. Zai kuma tambayi sauran abubuwan da ake sha, musamman taramol, da maganin tari mai kodin, da sholisho. Ku faɗi gaskiya a nan, ɓoyewa ba ta rufa asirin kowa.

Saurayinmu ba shi da zazzaɓi, wuyansa yana lanƙwasuwa, gwajin cizon sauro bai nuna komai ba. Ya faɗi sunan garinsu da ranar kasuwa daidai. Saboda haka aka wuce zuwa mataki na biyu.

Mataki na biyu: wanne ya riga wani?

Wannan ita ce tambaya mafi amfani a duk binciken, kuma majinyaci ba zai iya amsa ta shi kaɗai ba. Ana bukatar mutum biyu: wanda ya san shi kafin ya fara sha, da wanda ya zauna da shi lokacin da yake sha.

Malamar asibiti ta tambayi mahaifiyarsa: "Inna, kafin ya tafi Libiya, yaya halinsa yake?"

Ta ce, "Malama, yaro ne mai jama'a. Shi ne kan gaba a gayya, kuma har ya tafi akwai yarinyar da yake nema."

"A danginku ko na babansa, akwai wanda ya taɓa irin wannan rashin lafiya?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Akwai ƙanen babansa. Ya daɗe yana fama kafin ya rasu."

Amsa ta farko ta karkata zuwa wiwi. Ciwon sikizofiriniya yakan aiko da manzanni watanni ko shekaru kafin ya bayyana: yaro ya janye daga abokai, ya bar gona ko makaranta ba dalili, ya daina kula da wanka, ya riƙa zama shi kaɗai yana murmushi. Idan an ga waɗannan tun kafin ya fara shan wiwi, ko a wani lokaci da ya yi watanni bai sha ba, to akwai alamar ciwon ya riga taba zuwa. Wannan saurayi kuwa lafiyarsa lau har sai da shan ya yi yawa. Kawun ma ya tabbatar yana aiki yana aiko da kuɗi gida har zuwa makonnin ƙarshe.

Amsa ta biyu kuwa ta karkata zuwa ɗaya ɓangaren. Samun mai irin ciwon a cikin dangi na kusa yana ƙara yiwuwar cewa wiwi ta tayar da abin da ke kwance ne. Ba hukunci ba ne, amma dalili ne na ƙara sa ido.

Akwai abu na uku da ya shafi waɗanda suka dawo daga Libiya. A Sabha an sha kama baƙi 'yan ci-rani a tsare su har sai danginsu sun biya kuɗin fansa. Don haka wanda ya ce a can ana farautarsa, ba lalle ne ya zauce ba. Sai a tambaya a natse ko an taɓa kama shi, ko an doke shi, ko ya ga an yi wa wani. Wanda tsoro na gaskiya ya raunata yakan yi mafarkin abin, ya firgita da ƙarar mota ko ta ƙofa, amma ya san ya dawo gida. Saurayinmu kuwa a cikin ɗakin mahaifiyarsa ma yana jin muryoyin, har ya ce an haɗa baki da ita. Wannan ya wuce tsoro.

Gwajin fitsari ba alƙali ba ne

Wasu asibitoci suna da ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari ya nuna ko mutum ya sha wiwi. Yana da amfani, amma ku san iyakarsa. Sinadarin wiwi yana maƙalewa a kitsen jiki yana fita kaɗan-kaɗan. Wanda ya sha sau ɗaya, gwajin zai nuna na 'yan kwanaki ne kawai. Wanda ya daɗe yana sha kullum kuwa, zai iya nunawa har mako uku ko huɗu bayan ya daina, wani ma fiye. Saboda haka da gwajin saurayinmu ya nuna a kwana na tara, ba a ce kawunsa ya yi ƙarya ba. Kuma gwajin yana cewa ne "ya sha", ba ya cewa "shan ne ya jawo". Mai sikizofiriniya ma yana iya shan wiwi.

Mataki na uku: wata guda babu sha

Ga ma'aunin da likitoci suka fi dogara da shi. Idan wiwi ce kaɗai, alamun sukan fara sauka cikin kwanaki, kuma yawanci sun tafi ko sun ragu ƙwarai kafin wata guda da daina sha. Wani yakan ɗan ja fiye da haka, amma yana samun sauƙi mako bayan mako. Idan wata ya cika, mutum bai sha ba, kuma muryoyi da zargi suna nan daram, to sai a karkata ga ciwon da ke jikinsa.

Ƙirgar tana farawa ne daga ranar shan ƙarshe, ba daga ranar zuwa asibiti ba. Idan ya sake sha ko sau ɗaya, ƙirga ta koma farko. Nan ne aikin iyali yake. Ku sami littafin rubutu, a ba mutum ɗaya alhakinsa. Kowace rana a rubuta abu huɗu: sa'o'in barcinsa, ko ya ci abinci, ko ya yi maganar muryoyi ko zargi, da ko ya sha maganinsa. A riƙe kuɗinsa a hannun wani amintacce, kada a bar shi da abokan shansa. Amma kada a ɗaure shi da mari ko igiya, kada a doke shi, kada a hana shi abinci da sunan azumi. Wanda ke zargin ana son cutar da shi, ɗauri yana tabbatar masa da zarginsa ne. Fasto ko limami su zo su yi addu'a a natse, su kuma taimaka wajen ganin ya sha magani.

Ku kula da abu ɗaya da ke ruɗa mutane. Wanda ya saba sha kullum, idan ya daina, yakan yi fushi, da rashin barci, da ƙin abinci, da munanan mafarkai. Wannan yakan fara a kwana ɗaya ko biyu na farko, ya yi tsanani a makon farko, ya lafa cikin kamar mako biyu. Jiki ne ke neman abin da ya saba, ba ciwon ne ke ƙaruwa ba.

A wannan wata ba zama ake yi a zuba ido ba. Idan alamun sun yi ƙarfi, ana ba da magani ko da ba a san tushen ba tukuna. Wanda aka fi samu shi ne halofaridol, kuma jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da kaɗan, miligiram 1.5 zuwa 3 a rana. Akwai kuma risfaridon da kuloforomazin. Ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai zaɓa ya kuma auna, kada ku saya a kasuwa. Wani lokaci maganin yakan sa wuya ya murɗe, ko idanu su kafe sama, ko harshe ya yi nauyi. Ba aljanu ba ne, kuma akwai maganinsa, ku dawo da shi a ranar.

Amma maganin yana kawo wata matsala ga bincike. Idan mutum ya warke a mako na uku, ba mu san ko daina wiwi ne ya warkar da shi ko ƙwayar ba. Shi ya sa wata guda ba shi ne ƙarshen magana ba.

Yadda ta kasance da saurayin

An ba shi halofaridol da dare. A kwana na 14 da daina sha, littafin ya nuna yana barcin sa'a shida. A kwana na 20 ya ce muryoyin sun yi nisa. A kwana na 30 ya ce babu su, ya kuma ji kunyar abin da ya faɗa wa mahaifiyarsa. Wannan kunya alama ce mai kyau, domin tana nuna ya gane abin da ya gaskata ba gaskiya ba ne. Ya koma gona, yana hira da sa'o'insa. Likita ya rubuta cewa mafi kusa wiwi ce ta jawo, ya ci gaba da maganin na ɗan lokaci, sannan ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan yana duba shi a kowane mataki. Lokacin ragewa shi ne gwaji na biyu. Idan an janye magani, bai sha wiwi ba, kuma ya zauna lafiya wata da watanni, to zaton ya ƙara ƙarfi.

Da a ce a kwana na 30 yana nan yana jin muryoyi, ko sun tafi amma ya zama kamar ba shi ba, ba magana, ba sha'awar aiki, fuska babu walwala, ko kuma alamun sun dawo da aka rage magani alhali bai sha ba, da an bi ɗaya hanyar. Za a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar asibitin tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Maiduguri, ko asibitin Dawanau a Kano. Kuma zai ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan alamun sun tafi gaba ɗaya, ba a dainawa sai da shawarar likita.

Me ya sa ba a sallame shi ba?

Mahaifinsa ya ce, "Malama, tunda wiwi ce kuma ya daina, ai magana ta ƙare." Ba ta ƙare ba. A ƙasar Danmak an bi diddigin mutanen da aka rubuta cewa kayan maye ne suka taɓa hankalinsu daga 1994 zuwa 2014, aka buga sakamakon a 2018. A cikin waɗanda wiwi ta taɓa, kashi 47 cikin 100 daga baya sun zama masu sikizofiriniya ko ciwon hawa da sauka. Wato kusan rabi. Kuma a cikin waɗanda suka koma sikizofiriniya, rabi sun koma ne cikin kamar shekara uku na farko. Mutanen can da tabarsu sun bambanta da namu, amma darasin a fili yake: wanda wiwi ta taɓa sau ɗaya ya nuna ƙwaƙwalwarsa ba ta jure ta, kuma shekaru uku na farko su ne na sa ido.

Ga tsarin da ya dace a bi. A watan farko, a zo asibiti kowane mako. Daga nan har wata shida, sau ɗaya a wata, kuma a ƙara yawan zuwa lokacin da ake rage magani. Bayan haka, duk wata uku har shekara uku, ko da yana cikin ƙoshin lafiya. A kowane zuwa, ɗan'uwa ɗaya ya rako shi da littafin. Za a tambayi barci, da aiki, da mu'amala, da ko ya sake sha, kuma a tambaye shi shi kaɗai ko tunanin kashe kansa yana zuwa masa. Yin wannan tambaya ba ya sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi yake ji da aka tambaya.

Kowane mutum yana da alamar da ke fara zuwa kafin ciwonsa ya tashi. A rubuta ta a shafin farko na littafin. Ta saurayinmu ita ce rashin barci da kashe waya saboda zargi. An yi yarjejeniya da shi cewa in ya yi dare biyu a jere bai yi barci ba, za a zo asibiti ba tare da jiran ranar da aka sa ba.

Game da wiwi kuwa, ragewa ba ta isa ba a wurin irin wannan mutum, sai dai bari gaba ɗaya. Idan ya zame ya sha, ya faɗa, a sake ƙirga, kada a kore shi daga gida. Sai kuma maganar komawa Libiya, wadda tabbas za ta taso in kuɗi ya ƙare. Shawararmu ita ce kada ya koma yana kan magani, ko a watannin farko bayan an janye shi. Komawa ɗaki ɗaya da abokai ɗaya, nesa da masu sa masa ido, ita ce hanya mafi kusa ta dawowar ciwo. In kuwa ya dage daga baya, ya tafi da takarda mai ɗauke da sunan maganinsa da ma'auninsa, kuma a sami dattijo ɗaya a cikin 'yan garinsu a can wanda ya san alamarsa, yana da lambar wayar gida.

A kawo shi nan take, dare ko rana, idan:

Ya yi maganar kashe kansa ko wani, ko muryoyin suna ba shi umarni.
Ya ƙi ci da sha kwana guda cur.
Zazzaɓi ya kama shi, ko jikinsa ya sanƙare yana kan magani.
Ya faɗi yana jijjiga, ko ya kasa gane mutanen gida.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta yaya za ku bambanta wanda zazzaɓi ya ruɗa da mai taɓin hankali?
2. Wani ya daina wiwi ranar 1 ga wata, ya sake sha ranar 18. Yaushe watansa zai cika?
3. Me ya sa gwajin fitsari ba zai iya raba gardama ba?
4. A gidanku, wa zai riƙe littafin, wa kuma zai riƙa rakiya asibiti har shekara uku?